Wasiƙar Da Ke Tayar Da Fayil Daga Barci

A Yelwan Yawuri akwai wani tsohon akawu da ke zama a inuwa da tebur da biro, yana rubuta wa mutane takardu. Na taɓa zama kusa da shi ranar da wani masunci daga wajen Wara ya zo masa. An kwance masa injin jirgi mai doki 40 a bakin tafkin Kainji, ya kai ƙara, mako shida ke nan bai ji komai ba.

Dattijon bai taɓa biro ba sai da ya yi tambaya. “Malam, wace rana ka kai ƙarar? Wa ya ɗauki bayaninka? Ina rasit ɗin injin?” Ranar ita ce mabuɗi, domin kowace ƙara ana shigar da ita a littafin caji ofis bisa rana da lokaci. Sunan ɗan sanda mai bincike kuwa shi ke nuna hannun da fayil yake. Daga rasit ya kwafo lambar da kamfani ya buga a jikin maƙalin injin, inda ake ɗaure shi a bayan jirgi, ya karanta ta sau biyu. Ɓarawo yana iya sauya fenti, amma da wannan lamba ake shaida kaya idan an kama su a kasuwa.

Sannan ya rubuta zuwa ga Difi'o, wato shugaban 'yan sandan yankin da aka kai ƙarar. Ya ce ba a tsallake shi tun farko, sai an ji shiru a tafi ga kwamandan shiyya, daga nan Kwamishina a Birnin Kebbi. Shafi ɗaya ya yi. Kan magana layi guda, labarin satar layi huɗu, sai tambayoyi uku: an kama wani? An samo injin? An kai takardar ƙarar farko gaban majistare, in an kai, wace kotu?

Masuncin ya so a sa sunan maƙwabcin da yake zargi. Dattijon ya girgiza kai. Abin da ba ka faɗa a bayaninka na farko ba, in ji shi, ka je ka ƙara shi gaban mai bincike. In ka cusa shi a wasiƙa ba hujja, kana iya jawo wa kanka ƙarar ɓata suna.

Ya sa aka yi kwafi biyu. Ɗaya za a miƙa, ɗaya kuma a buga mata hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannu, a dawo da ita gida. Rasit na asali ba ya barin hannun mai shi, hotonsa ake maƙalawa.

Wasu suna wuni a benci bakin caji ofis suna jiran a tuna da su. Masuncin nan ya naɗe kwafinsa a leda don kada ruwa ya taɓa shi, ya nufi kwata.