Layin da Ke Ƙarƙashin Suna

A dandalin LinkedIn, inda ma'aikata da masu ɗaukar aiki ke haɗuwa tun 2003, akwai wani ɗan layi ƙarƙashin sunan kowane mutum, wanda ake kira Headline. Duk inda sunanka ya je yana biye da shi, ko a sakamakon bincike ne ko a saƙon neman ƙulla alaƙa. Gurbinsa haruffa 220 ne, amma a waya sau da yawa farkonsa kaɗai ke fitowa, sauran a datse. Idan mutum bai rubuta komai ba, dandalin kan cike masa gurbin da muƙaminsa da sunan wurin aikinsa. Masu iya rubuta wannan layi suna burge ni ƙwarai, domin sun gane cewa wanda zai karanta shi baƙo ne, kuma sauri yake yi.

A ce wata akanta ce a Kano da ta daɗe tana aiki da 'yan kasuwa. Abin da hannu ya fi saurin rubutawa shi ne: "Mai himma da riƙon amana, ina neman sabuwar dama." Maganar ba ƙarya ba ce, sai dai malamin makaranta da direba da injiniya duk za su iya sa mata hannu. Ga kuma wata illa: mai neman akanta sunan sana'ar yake bugawa a akwatin bincike, ba wanda ke buga "himma". Gwana kan rubuta: "Akanta | Ina tsara littattafan kuɗi da lissafin haraji ga 'yan kasuwar sari a Kano | QuickBooks da Excel."

Dubi jerin da kyau. Sana'a ce ta zo farko, saboda ko an datse layin ita za ta tsira. Daga nan sai waɗanda ake yi wa aikin, kuma a nan ne gwanintar take. Kalmar "sari" ta kori masu karatu da yawa, da gangan kuwa. Dillalin atamfa a Kantin Kwari da ya ga layin zai ji da shi ake, abin da ba zai ji ba in an ce "kowane irin kasuwanci". Sunayen manhajoji sun zo ƙarshe, inda ido bai cika kaiwa ba amma bincike zai tsinto su. Ko da Turanci aka rubuta a Kano, ko da Faransanci a Maraɗi, jerin bai canza ba.

Wanda layin ya jawo zai gangara sashen About. Nan wuri ya fi yalwa, haruffa 2,600, amma layuka kaɗan ne ke bayyana kafin "see more", wanda sai an danna shi sauran ke buɗewa. Da yawa sukan ƙarar da waɗannan layuka wajen maimaita sunansu, wanda ke sama da manyan baƙaƙe, da lissafa makarantun da suka yi, alhali akwai sashen karatu a ƙasa. Akantarmu sai ta fara da damuwar mai karatu: "Dillalan da ke zuwa wurina ciniki ba ya musu ƙaranci, amma ba su san ribar wata ba, domin bashin da ke waje yana warwatse a littattafai daban-daban. Aikina in haɗa shi wuri guda, mai shago ya san wa yake bi, wa ke binsa." Ba ta kira kanta ƙwararriya ba, amma duk wanda ya taɓa riƙe shago ya san mai wannan magana ta zauna da littattafan bashi. Jimla ta gaba ita ce wurin hujja: shekarun aiki, yawan shagunan da take kula da su, da shaidar ICAN idan tana da ita. Duk adadin da ba za ta iya kare shi a gaban mai tambaya ba, gara ta bar shi.

Ana iya gane inda matsala take. LinkedIn na nuna wa mutum sau nawa ya fito a bincike da kuma yawan waɗanda suka buɗe shafinsa. Idan ba ya fitowa a bincike, a fara duba ko sunan sana'ar da ya sa shi ne wanda masu ɗaukar aiki ke amfani da shi. Idan yana fitowa amma ba a buɗewa, Headline ne abin zargi na farko. Idan ana buɗewa ba a aiko saƙo, a koma kan farkon About. Gwanaye sukan gyara abu ɗaya a lokaci guda, su jira makonni, sannan su duba shafin a waya, tunda a nan ne datsewar ta fi tsanani.