Tsakar Gida Bayan La'asar: Yadda Ake Tantance Lokeshin Daga Takardar Labari

A saman kowace fitowa marubucin fim yakan sa layi guda: ciki ne ko waje, ina ne, wane lokaci. A ɗauki wannan misali: tsakar gidan Malam, bayan la'asar, uwargida da amarya suna cacar baki, shafi biyu. Ƙwararren mai neman lokeshin a Kannywood daga wannan layi yake fitar da tambayoyinsa, ya je gidan a daidai lokacin da takarda ta ambata. Wanda ya leƙa da hantsi ya ce "ya yi", wani gidan ya gano.

Shafi biyu minti biyu ne a talabijin, amma kafin a ɗauko su duka daga nesa, a matso fuskar kowacce, awa biyu ta tafi. A Kano rana kan faɗi tsakanin ƙarfe 6 da kusan 7, gwargwadon watan da ake ciki, sai dai katangar yamma tana tare ta tun kafin nan. Inuwa ta riƙa cin tsakar gidan kaɗan-kaɗan. A wajen tacewa ne asiri ke tonuwa: uwargida na magana cikin rana, amarya na mayar mata cikin inuwa, alhali taku biyu ne tsakaninsu. Shi ya sa mai neman lokeshin yake rubuta ƙarfe nawa inuwa ta kai bakin rijiya.

Daga nan sai ya yi tsit na minti biyar, ya kasa kunne. Bayan la'asar ne injin markaɗe ke tashi saboda tuwon dare, 'yan Islamiyya na bita, adaidaita sahu na ratsa lungu. Ƙarar da ke ɗaukewa tana dawowa ta fi ta dindindin ɓarna, domin duk inda aka haɗa hoto biyu kunne zai ji gaɓar.

Wutar KEDCO ba a sa ta a lissafi. Fitilu uku masu wat 800 suna jan wat 2,400, ƙaramin janaretan shago kuwa bai kai 1,000 ba. Babban da zai ɗauka shi ma surutu gare shi, dole a kai shi bayan katanga, don haka a auna tsawon waya tun yau. Siririyar waya mai nisa zafi take yi, fitila ta dushe.

Izini ya fi komai kayar da mutane. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana da nata ƙa'idoji, amma takardarta ba ta buɗe ƙofar gidan kowa. Gidan aure ne, ba a shiga, ga maza ashirin da kaya niƙi-niƙi. Sai a tabbatar wanda ya ce "bismilla" mai gidan ne ba ɗan haya ba, a gaida mai unguwa, a rubuta kuɗi da lokacin tashi, kowa ya sa hannu.