Wasiƙar Neman Yafiya Tsakanin 'Yan Uwa: Inda Take Kamawa da Inda Take Suɓucewa

Idan gaba ta daɗe tsakanin wa da ƙane, ko ya da ƙanwa, baki yakan yi nauyi. A nan wasiƙa take shigowa, ko ta takarda ce da aka ba ɗan aike, ko saƙon waya. An fi yin ta gab da azumi, ko lokacin shirin tafiya Hajji, ko bayan wata rasuwa ta girgiza dangi. Tushenta sananne ne: hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku, ya kuma fifita wanda ya fara yin sallama. Sai dai fara sallama daban, amsa laifi daban, kuma tsakanin biyun nan ne yawancin wasiƙun suke faɗuwa.

Tsarinta bai bambanta da na sauran wasiƙunmu ba: sallama, gaisuwar iyali, sannan "bayan haka", sai maƙasudi, a rufe da addu'a. Gaisuwar tana da aiki, domin tambayar 'ya'yan ɗan uwa da sunayensu tana nuna ba a manta da gidan ba. Matsalar tana cikin maƙasudi. Al'adarmu ta sulhu ta tanadi kalamai masu rufin asiri: "sharrin Shaiɗan ne", "a yafe wa juna", "idan na ɓata miki rai". A zauren sulhu, gaban dattawa, waɗannan suna da amfani, don kowa ya san abin da ya faru, kuma akwai shaidu. A wasiƙa kuwa babu dattijon da zai cike giɓin. Mai karatu yana neman jimla ɗaya tak, wadda marubucin ya faɗi abin da ya aikata da bakinsa.

A ɗauki misali. Uba ya rasu ya bar gona, magadansa biyu ne, namiji da yayarsa da ke aure a wani gari. Kafin a raba gado ƙanen ya sayar da gonar naira dubu 900, ya zuba a kasuwa. A rabon shari'a nasa dubu 600 ne, nata dubu 300. Ta yi magana, ya mayar mata da baƙa, shekara shida ba sa ga maciji. In ya rubuta, "Yaya, abin da ya wuce ya wuce, mu yafe wa juna," ya raba laifin biyu ke nan, ya ɗora mata rabi, bai kuma taɓa zancen kuɗin ba. Wadda za ta iya kamawa ita ce mai cewa: "Yaya, na sayar da gonar Baba ban shawarce ki ba, na riƙe rabonki, da kika tambaya na gaya miki maganar da ba ta dace ba. Ki zaɓi malamin da kika yarda da shi ya ƙiyasta haƙƙinki, zan biya, ko da kaɗan-kaɗan ne." A nan laifi ya samu suna, haƙƙi ya samu hanyar komawa. Malamai sun daɗe suna faɗa cewa tuba daga haƙƙin ɗan Adam ba ta cika sai an mayar ko mai shi ya yafe. Miƙa mata zaɓin mai ƙiyasi ma dabara ce, domin dubu 300 ta shekara shida baya ba za ta sayi abin da ta saya a da ba.

Akwai alamar da ake gane wasiƙar da ta kauce: "amma" ta biyo bayan ban haƙuri. "Na yi kuskure, amma ke ma mijinki ne ya zuga ki." Ko da gaskiya ne, ba wurinsa ba ne. Wasiƙa ba ta tsayawa a hannu ɗaya. Miji zai gani, wataƙila ma ɗanta ne zai karanta mata. Sunan duk wanda aka saka a ciki ya zama sabuwar rigima.

Matsayi ma yana canza salo. Ƙane yana da damar ƙasƙantar da kai, ba wanda zai ga baikensa. Wa kuwa yakan faɗa cikin nasiha, ya rubuta "na yafe maka" alhali shi ne mai laifin. Tasa wasiƙar ta fi wuyar rubutawa, don sai ya ajiye girman da ya saba fakewa da shi.

Iyakar wasiƙar ita ce ba ta kammala sulhu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Don haka mai kyau takan nemi izinin zuwa, ba ta gindaya ranar amsa, ba ta kuma tsoratar da mai karatu da azabar yanke zumunci. In shiru ya biyo baya, mataki na gaba shi ne a tura kawu ko gwaggo, tare da kason farko na kuɗin.