Masu Gwajin Shafi Kafin Ya Isa Hannun Jama'a

Ba wanda zai iya sayen kowace waya a duniya don ya gwada shafin intanet ɗaya. Shi ya sa ƙwararrun masu gwaji suka cancanci jinjina, domin ba sa zaɓen na'ura da ka.

Sukan fara buɗe Google Analytics su duba burauza, samfurin waya da faɗin allon masu ziyara cikin watannin baya. Daga nan gwanintar take bayyana. Chrome, Edge da Samsung Internet duk injin Blink suke amfani da shi, Firefox na da Gecko, Safari kuwa WebKit. Hatta Chrome ɗin da ke kan iPhone a Najeriya, WebKit ne a cikinsa. Da wannan sanin, dogon jeri yakan koma layi biyar ko shida.

A ce shagon atamfa ne da yawancin masu sayayya a cikinsa ke riƙe da Tecno ko itel. Mai gwajin zai ajiye waya mai ƙaramar ma'adana a teburinsa, ya rage saurin intanet, ya bi ciniki har wurin biyan kuɗi. Nan ake kama maɓallin da ya ɓuya ƙarƙashin allon rubutu.

Abin burgewa, ba sa miƙa wuya ga alƙaluman. Da JavaScript ƙidayar take aiki, don haka wanda shafin ya ƙi buɗe masa yana iya ɓacewa daga lissafi. Sai su koma rajistar sabar su nemo irin masu Opera Mini, wadda a yanayin tsimin data take sarrafa shafi a sabar kamfaninta kafin ya iso waya, su ƙara mata layi.