Duban Ayoyin da Ɗalibai Suka Kwafa: Kuskure da Abin da Ya Yi Kama da Kuskure a Makarantun Bagudo

A ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin ta wajen Tsamiya, yaro ɗaya yakan haɗu da rubutun Alƙur'ani iri biyu a yini guda. Da asuba yana makarantar allo, inda ake karatu da ruwayar Warshu cikin rubutun Magaribi da aka gada tun kafin zamanin Shehu Abdullahi na Gwandu, da hantsi kuma yana firamare ko Islamiyya, inda littattafan darasin addini suka fi bin ruwayar Hafsu bisa tsarin mus'hafin da aka buga a Alƙahira a 1924 da wanda ake bugawa a Madina. Ruwaya ita ce hanyar karatun da wani malami ya ɗauko daga limamin ƙira'a, kuma duka biyun ingantattu ne. Saboda haka malamin da ya ɗauki jan biro zai duba takardar aikin da ɗalibi ya kwafi aya a kanta yana da tambayar da ya wajaba ya amsa kafin ya ja layi ko ɗaya, wato daga wane mus'hafi aka ce yaron ya kwafa.

Dalilin wannan tambaya yana fitowa fili idan aka ɗauki Fatiha, wadda ita ce surar da aka fi ba yara. A rubutun Magaribi harafin fa yana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a bisa, alhali a rubutun Gabas fa ce ke da ɗigo ɗaya a bisa, ƙaf yana da biyu. Yaron allo da ya sa ɗigo ɗaya a kan ƙaf ɗin kalmar mustaƙima ya bi ƙa'idar da aka koya masa, amma malamin da ya tashi da Hafsu kaɗai zai ga fa a wurin, ya yanke masa maki. Haka kalmar maliki, wadda Warshu yake karantawa ba ja, Hafsu kuma yake jan mim ɗinta, har ake sa mata ƙaramin alif a bisa. Ko lambobin ayoyi sun saba: ƙidayar Kufa da Hafsu ke bi tana lissafa Bisimilla aya ta farko, ƙidayar Madina da ke cikin mus'hafan Warshu ba ta lissafa ta, sai ta raba ayar ƙarshe gida biyu, kowanne ya tashi da bakwai. Abin da ya kamata a kama shi ne gauraya, kamar yaron da a wata surar ya ɗiga ƙaf irin na Magaribi a layi na biyar, ya koma irin na Gabas a layi na gaba, domin wannan yana nuna hannunsa bai zauna a kan tsari ɗaya ba.

Bayan an tsayar da ruwaya, duban da ya fi inganci shi ne wanda ya bi matakan makarantar allo, inda ake fara koyon babbaƙu, wato haruffa tsirara, kafin farfaru, wato haruffa da wasulansu. A zagaye na farko mai duba yana ƙidaya jikin haruffa da haƙoransu, domin sin ɗin kalmar nasta'inu yana da haƙora uku, ga haƙorin nun a gabansa da na ta a bayansa, kuma a nan ne hannun yaro yake yawan haɗiye ɗaya. A wannan zagayen ne kuma ake lura da bambancin rasmu, wato yadda sahabbai suka rubuta kalmomin a mus'hafin Usmanu, da imla'i, wato rubutun Larabcin yau da kullum. Kalmomin alamina da siraɗa ba su da cikakken alif a rasmu, sai ƙarami, wanda mahaddatan ƙasar Hausa kan rubuta da jar tawada. Ɗalibin da ya cika alif ɗin ya saba wa rasmu ko da furucinsa daidai ne, kuma gyaran da ya dace da shi ya bambanta da na wanda ya yar da harafi. Littafin Abu Amrin Addani mai suna Almuƙni'u, wanda marubucinsa ya rasu a shekara ta 444 bayan hijira, yana cikin tushen wannan fanni.

Wata ɓaraka tana shigowa ta kunne. Yaron da ya haddace sura yakan ɗaga ido daga mus'hafi ya rubuta abin da bakinsa ke faɗa, kuma Hausa ba ta da sautin sodi ko lodi, haka ma Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci da ake ji a kasuwannin Lolo da Illo da Ka'oje. Shi ya sa ake samun sin a gurbin sodi, ko lam a gurbin lodi a kalmar ƙarshe ta surar, tun da a karatun gargajiya lodi yana fita kusa da lam. Irin wannan kuskure ba ya warkewa da sake kwafi sau goma, sai an sa yaron ya nuna harafin da yatsa yana furta shi.

Zagaye na biyu na ɗigo ne, na uku kuma na wasula, kuma a nan ne nauyin aikin yake, saboda wasali ɗaya yana iya juya ma'ana. Kalmar an'amta, da fataha a kan ta, tana nufin Kai ne Ka yi ni'ima. Idan aka sa rufu'a ta koma an'amtu, mai karatu ya jingina ni'imar ga kansa. Kaf ɗin iyyaka idan ya sami kisira ya zama magana da mace. Malaman tajawidi suna kiran irin wannan lahani bayyananne, kuma bai dace a auna shi da ma'auni ɗaya da fatahar da ta ɗan karkace daga kan harafinta ba. Shadda, alamar da ke nuna an ninka harafi, tana da hanyar bincike mai sauƙi a wannan sura, domin guda 14 ne idan an haɗa da Bisimilla, 11 idan an cire ta, kuma biyu daga ciki suna kalmar ƙarshe, inda yara suka fi mance ta biyun da ke kan lam.

Sai dai ba kowane harafi marar alama ne aka mance da shi ba. A mus'hafin Madina lam ɗin da ke gaban ra a kalmar arrahmani an bar shi tsirara da gangan, domin ba a furta shi, ya narke cikin ra mai shadda. Haka nun ɗin da ya zo kafin shin a surar Falaƙi ba shi da ɗauri, wato alamar sukun, saboda ana ɓoye shi a karatu. Malamin da ya ƙara ɗauri a waɗannan wurare da jan biro ya shigar da kuskure cikin takardar da ta zo masa daidai, kuma yaron zai ɗauki gyaran a matsayin gaskiya.

Haddar mai duba ita kanta tana iya zama tarko, domin idon mahaddaci yana ganin abin da ke ƙirjinsa, ya tsallake gurbin da ke kan takarda. Maganin wannan shi ne ya buɗe mus'hafin da aka kwafa daga ciki, ya rufe layin da ke ƙasa da wata takarda, ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ma daga ƙarshen aya zuwa farkonta don hadda ta rasa inda za ta ja shi. Gyaran kuma ya fi kyau a rubuta shi a gefen shafi, kusa da ƙaramar alama a ƙarƙashin kalmar, maimakon a karta layi a kan ayar, sannan ɗalibi ya sake rubuta kalmar da hannunsa ya karanta ta a gaban malami. Takardun da aka gama da su ba a barin su su kai hannun masu ƙosai ko su faɗa kwata, ana tara su ne a ƙona a wuri mai tsarki ko a binne.