A jera wa mutanen gida talabijin ɗinsu, a bar ƙawa daga baya

Wani sabon yayi ya shigo sana'ar masu ɗaura dish da haɗa talabijin a Kaduna. Ka sayo talabijin mai intanet a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ka kira yaro ya kafa maka ita a bango, kafin ya tafi sai ya zaro filas daga aljihu ya ce zai loda maka kaya. Ya zuba manhajojin kallon ƙwallo kyauta, da na finafinan Indiya, da wasannin yara, da wata wadda ya ce tana wanke talabijin ta ƙara mata gudu. Wanda ya ƙware ma har fuskar farko yake canzawa, ya ɗora hoton Ka'aba ko na ƙungiyar ƙwallon maigida. Ana biyansa ladan wannan daban, kuma mutane na murna, don allo ya cika ya yi kyau.

Ni ban yarda da wannan aiki ba. A ganina gyaran fuskar farko ragewa ne da jerawa, kuma wanda ya kamata a duba wajen jerin shi ne mutumin da ya fi kowa shan wahalar rimot a gidan, wato tsohuwa ko ƙaramin yaro. Canza ado shi ne abu na ƙarshe, wani lokacin ma barinsa ya fi alheri.

Kafin a taɓa komai, ya kamata a gane cewa fuskar da talabijin ta zo da ita daga kwali ba don iyalin Unguwar Shanu aka tsara ta ba. Guraben gaba da manyan hotunan sama wurin talla ne da haɗin gwiwar kasuwanci, shi ya sa ake ganin sunan Netflix ko Prime Video a jikin rimot ɗin kansa. Kuɗin da ke cikin harkar ba kaɗan ba ne. A shekarar 2017 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka da jihar New Jersey sun sa kamfanin Vizio biyan dala miliyan 2.2 saboda tattara bayanan abin da ake kallo a talabijin miliyan 11 ba da izinin masu su ba, kuma a 2024 Walmart ya sayi kamfanin a kan kusan dala biliyan 2.3, yana hangen kasuwar talla. To, gidan da abin kallonsa bai wuce tafsiri da Labarina da Izzar So a YouTube ba, sai Arewa24 ta dikoda, me zai sa ya zauna da jerin da wani ya yi masa saboda aljihunsa?

Gwaggona a Unguwar Shanu tana da talabijin inci 43 mai tsarin Android TV, wadda 'ya'yanta suka haɗa kuɗi suka saya mata. An loda mata kaya irin yadda na faɗa. Da na je gaishe ta sai ta ce, “Ɗan nan, duba mini akwatin nan. In na danna sai ta yi tunani kafin ta amsa, kuma kullum sai na kira jikokina su nemo mini malam.” Matsala biyu ce ta haɗa a magana ɗaya, nauyi da ɓata hanya, kuma maganinsu daban.

Nauyin aka fara dubawa. A irin wannan tsari ana shiga `Settings`, sai `Device Preferences`, sai `Storage`. Talabijin masu sauƙin kuɗi da yawa giga 8 ake rubuta musu a kwali, amma tsarin kansa yana cinye kusan rabi, abin da ke hannun mai ita bai fi giga 4 da ɗoriya ba. Ta Gwaggo 'yan ɗaruruwan mega suka rage mata. In wuri ya ƙure haka, manhaja ba ta samun inda za ta sauke sabuntawa, sai ka ga YouTube ta ƙi buɗewa ko ta rufe kanta tsakiyar karatu. Alamar da ake gane wannan ita ce saƙon ƙarancin wuri, ko sabuntawa da ke tsayawa ba ta ƙarewa.

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, don cirewa iri uku ce kuma ba ɗaya suke ba. In ka danne maɓallin tsakiya a kan wata manhaja a layin farko, ka zaɓi `Remove from favorites`, ka kawar da ita daga ido ne kawai, tana nan cikin talabijin tana cin wuri. Haka abin yake a Samsung: `Remove` daga layin gida yake cirewa, gogewa ta gaskiya sai an shiga `Apps` an nemi `Delete`. A Android TV gogewa tana cikin `Settings`, `Apps`, `See all apps`, ka zaɓi manhajar ka danna `Uninstall`. Na ukun kuwa na waɗanda suka zo daga kamfani ne, da ba a ba ka damar goge su. Wasu suna karɓar `Disable`, wanda ke kwantar da su su daina aiki a ɓoye, wasu ko hakan ba sa karɓa, sai dai ka tura su can ƙarshen layi.

Mun goge manhajojin ƙwallon da aka shigar ta filas, da wasannin, da mai wankin nan. Ita mai wankin ta fi ba ni takaici, don aikin da take da'awar yi yana nan cikin talabijin kyauta. Kowace manhaja tana da `Clear cache`, wanda ke zubar da tarkacen wucin gadi ba tare da ɓata komai ba. A ƙasansa ko samansa akwai `Clear data`, kuma wannan a yi hankali da shi, don yana fitar da kai daga asusunka, sai an sake shiga. In ɗan da ya san lambar sirrin yana Abuja ko Legas, ka jawo wa tsohuwa zaman jira. Akwai kuma abin da ba a taɓawa ko da ba ka gane amfaninsa ba, irin su `Google Play services` da `Android System WebView`. Sauran manhajoji a kansu suke tsaye.

Bayan gogewa sai a zare wayar wuta daga bango, a ɗan dakata, a mayar, a sake duba `Storage`. Ni ina son in ga aƙalla giga ɗaya a sarari. In an samu hakan amma har yanzu talabijin na jan ƙafa, to laifin ba na wuri ba ne, ƙwaƙwalwar aikinta ce ƙarama, giga ɗaya ko ɗaya da rabi a yawancin masu araha, kuma babu gogewar da za ta ƙara ta. Duk mai gyaran da ya ce zai ƙara da manhaja, kuɗinka kawai yake so.

Sai jeri, wanda shi ne ya fi daɗi kuma ya fi amfani. Gwaggo tana karatun Alƙur'ani da ajami, amma ba ta karanta boko. Da launi da matsayi take gane abu. Manhajar da take so tana can wuri na tara, wato sai ta danna dama sau takwas, kuma da hannunta ya zarce sau ɗaya ta faɗa wani wuri. Da `Move` muka dawo da YouTube gurbin farko. Na biyu VLC, mai alama ruwan goro, don kunna karatu da bidiyon biki daga filas ranar da babu data. Na uku YouTube Kids na jikoki. Dikoda kuwa muka bar ta a `HDMI 1`, aka nuna mata maɓallin da ke kai ta can. Netflix, da ba wanda ke biyan kuɗinta a gidan, ta koma ƙarshe, kuma da gangan na nisanta ta da YouTube, don duka biyun akwai ja a alamarsu, ido mai rauni yana iya rikita su. Abin kamar jeren kwanuka ne a ɗakin girki, tukunyar kullum ita ce kusa da hannu. Kuma da zarar an jera, a roƙi samarin gida su bar shi haka. Tsohuwa da hannu take haddace hanya, duk sauyi sabon karatu ne a gare ta.

Akwai ribar da ba a gani a allo, sai a aljihu. Fuskar farko tana sauke hotuna da guntayen bidiyon talla da kanta, kuma mafi yawan gidajenmu daga wayar hannu ake raba wa talabijin intanet. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kowace mega da daraja. A Android TV, cikin `Device Preferences` akwai `Home screen`, inda ake kashe `Enable video previews` da `Enable audio previews`, a kuma rage layukan shawarwari ta `Customize channels`. A Google TV akwai `Apps only mode` a ƙarƙashin `Accounts & Sign In`, wanda ke share yawancin shawarwarin ya bar manhajoji, sai dai yana kashe bincike ta murya, kuma babban hoton sama yana nan. A LG ana kashe `Home Promotion`. Sunayen kan ɗan bambanta daga shekarar ƙira zuwa wata. Wannan ma kariya ce ta tarbiyya, don hoton fim ɗin da bai dace ba yakan fito a falo gaban surukai ba wanda ya kira shi.

Game da ado, Samsung da LG da Hisense mai tsarin VIDAA ba sa barin a sauya fuskar gaba ɗaya, iyakarka jeri da 'yan zaɓuɓɓuka. A Android TV da Google TV ne ake iya ɗora wata fuskar, kamar Projectivy Launcher ko FLauncher, kuma gaskiya suna da tsabta, babu talla, kana sa hoton da kake so. Saurayin da ke da talabijin a ɗakinsa, ya san abin da yake yi, ban ga laifinsa ba. Damuwata falon gida ce. Don maɓallin gida ya riƙa kai wa sabuwar fuskar, masu gyara sukan kashe ta asali da kwamfuta ta hanyar `adb`. Ranar da yaro ya goge sabuwar, ko sabuntawa ta hargitsa ta, allo baƙi za a gani, kuma sau da yawa mafita ita ce a mayar da talabijin yadda ta fito daga kamfani, duk jeri da asusu su tafi. Mai gyaran kuma sai ya sake zuwa a sake biyansa.

Hoton da ke fitowa in an bar talabijin ba a taɓa ba shi ma a yi tunani a kansa. Google TV na iya jawo hotuna daga Google Photos, abin sha'awa ne ganin jikoki a babban allo. Amma a ware kundi guda da aka tantace, kada a haɗa da duk abin da ke cikin waya, don falo wurin baƙi ne, kuma ba kowane hoton matan gida ake so maƙwabci ya gani ba. Ta Gwaggo hotunan da talabijin ɗin ta zo da su muka bari, muka ƙara girman rubutun fassara a YouTube saboda jikokin da ke zama nesa da allo.