Bidiyon WhatsApp ba ya jin ƙarar injin markaɗe

Wata al'ada ta shigo wa masu shirya fim a Kano, kuma ba ta kwanta mini ba. Maimakon a taka a je a duba gidan da za a yi ɗauka, sai a ce wa mai gidan ya zagaya falon da waya ya turo bidiyo. Darakta ya ga kujeru da labule da silin mai fitilu, ya ce a kama. Na san dalilin: mai ya yi tsada, shiri mai dogon zango kuma ba ya jira. Amma kwalliyar ɗaki kaɗai waya take nunawa.

Ni ma na faɗa wannan ramin. Falo ne a saman bene, an turo mana bidiyonsa da hantsi. Muka isa ranar aiki, wajen sha ɗaya sai injin markaɗe ya tashi a bayan katanga, bai huta ba sai bayan azahar. Mai ɗaukar sauti ya cire abin kunnensa ya miƙa mini, na ji muryar jaruma can ƙasa kamar tana magana cikin rijiya. Da la'asar kuma rana ta faɗo ta tagar yamma, rabin fuskar jarumi ya ƙone fari fat, hoton ya ƙi haɗuwa da wanda muka ɗauka da safe. Yini guda ya tafi, kuɗin haya da na abinci suka bi shi.

Tun daga ranar nake zuwa da kaina, a daidai lokacin da za a yi ɗaukar, da takardata a hannu. Abin da nake fara yi shi ne in zauna shiru na minti biyar. A nan kunne yake kamo gurnanin firij, da fankar sama, da Adaidaita Sahu a kan titi, da karatun 'yan Islamiyya. In tafa hannu sau ɗaya. Idan ɗakin ya amsa, tayil da bango tsirara ne, sai an zo da darduma da barguna. In ɗaga kai in ga ko kwano ne babu silin, domin da damina yayyafi ma ya isa ya tsayar da aiki. Lokutan kiran salla kuwa ana rubuta su ne a tsara hutu a kansu.

Wuta ita ce inda aka fi yaudarar kai. Mai gida zai ce akwai janareta, kuma gaskiya ya faɗa. Tambayar ita ce nawa yake ɗauka. Mai 2.5 kVA yana ba da wajen wat 2,000. Fitilu uku masu wat 300 sun ci 900, cajin batura da allon dubawa su ƙara kamar 200. To, da zarar wani ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, wadda ita kaɗai takan haura wat 1,000 kuma ta fizgi fiye da haka lokacin tashi, sai ka ji injin ya shaƙe, haske ya fara rawa a hoto. Don haka nake sa a tayar da shi a gabana, in koma falo in rufe ƙofa in saurara. Idan ana jin sa, in auna tazarar inda za a mayar da shi, bayan katanga a sarari, in san ko wayar mita 30 za ta kai. Ba a ajiye shi a zaure ko ƙarƙashin bene, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ankara ba.

Taga kuwa, alƙiblar waya ta isa ta gaya maka ina ta fuskanta. Ta arewa ko ta kudu haskenta ya fi zama wuri ɗaya. Ta gabas da ta yamma sai an tanadi baƙin ƙyalle. Matakala ma a auna ta, a ga ko akwatin kaya zai juya a kwanarta, a kuma san inda mota za ta tsaya ba ta toshe lungu ba.

Saura izini. Takardar Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano daban, yardar gida daban. Sau da yawa ɗan gida ne ya ce a zo, Alhaji bai sani ba, Hajiya kuma ba a gaya mata cewa mutum ashirin za su bi ta tsakar gidanta ba. Nakan zauna da mai gidan kansa, mu rubuta ƙarfe nawa za a shiga, ƙarfe nawa za a fita, wane banɗaki za a yi amfani da shi, wa zai biya in an fasa wani abu. Daga nan in je in gaishe da mai unguwa, sannan in leƙa wurin mai markaɗe in tambaye shi nawa yake samu daga hantsi zuwa azahar, ko za mu daidaita ya kashe injin a ranar.